Yaron da ke firgita da ƙarar babur: kada a fara da "ba mu labari"

 Yau zancenmu a kan yaran da hare-haren 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma ne. Tun harin Wurma na 2019 muke ganin irinsu a gidajen dangi cikin gari.

Ku ɗauki yaro ɗan shekara bakwai, sati biyu da zuwansa gidan gwaggonsa a Dutsin-Ma. Ya daɗe da daina fitsarin kwance, yanzu ya dawo da shi. Ɗan acaɓa ya wuce, sai ya ruga ƙuryar ɗaki yana rawar jiki, don da babura aka shigo garinsu. Cikin dare yana farkawa da ihu. Wasansa ɗaya ne kullum, bindigar kara da gudu. Yana kukan ciwon ciki, kuma ba ya barin zanen uwarsa. Wannan ba shagwaɓa ba ce, jikinsa ne bai yarda an tsira ba tukuna. Shi ma wanda ya yi tsit, ya daina wasa, a sa masa ido.

To, kuskurenmu shi ne duk baƙon da ya zo jaje sai ya ce, "Zo ka faɗa mana abin da ka gani." Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman, a littafinta na 1992, ta jera matakan warkewa uku: aminci da natsuwa, sannan waiwayar abin da ya faru, sannan komawa cikin jama'a. Idan aka tsallake na farko, yaron ji yake kamar abin na sake faruwa.

Me gwaggo za ta yi? Na ɗaya, ta tsayar da lokacin ci, barci da makaranta, kullum iri ɗaya, kuma ya kwana kusa da babban da ya yarda da shi. Ya jiƙa tabarma? A wanke, ba duka, ba gori.

Na biyu, in ya firgita, ta durƙusa daidai tsayinsa ta ce, "Nan Dutsin-Ma ne, ina tare da kai." Ya lissafa abu biyar da yake gani, sannan ya ja numfashi ya hura a hankali kamar mai fifita koko, sau biyar.

Na uku, a daina kunna bidiyon hari a gabansa. In shi ya ɗauko labarin, a saurara, ban da tono.

Idan wata ɗaya ya wuce abin bai ragu ba, ko ya daina ci, ko yana maganar mutuwa, a kai shi asibiti. Wannan na ƙarshen ba ya jira. A nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Maganin barci na kemis kuwa, kul!

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya.