Zanen Kamfas da Rula Ta Bakin Magana



Kamar yadda kuka sani, mu 'yan ƙungiyar lissafi mun ɗauki alkawarin taimaka wa ƙannenmu na gida waɗanda ke shirin jarrabawar kammala sakandare. Galibinsu ƙaramar waya ce gare su, wadda ba ta ɗaukar hoto, ita ma ɗin ta aro. Tambayar lissafin lamba ba ta ba mu wahala, don ana iya rubuta ta a saƙo. Wadda ta ɗaure mana kai ita ce ta zanen jometiri da kamfas da rula, inda amsar kanta zane ce, ga shi kuwa ba hanyar mayar da zane.

Wata ƙanwarmu ta aiko da wannan tambaya: a zana alwatika ABC, wadda AB santimita 8 ne, AC santimita 5, kusurwar A kuma digiri 60, sa'an nan a zana da'irar da za ta bi ta kan A da B da C. Amsarmu ta farko abin kunya ce. Muka rubuta mata, "Ki ja baka daga nan, ki ja wani daga can, inda suka haɗu ki ja layi." Washegari ta mayar mana da cewa nata bakunan ba su haɗu ba sam. Laifinmu ne. A gaban allo yatsa yake nuna "nan" da "can", a cikin saƙo kuwa babu yatsa.

Daga nan muka kafa wa kanmu ƙa'ida. Kowace jimla dole ta faɗi abu uku: inda tsinin kamfas zai zauna, yawan buɗin kamfas ɗin, da sunan sabon ɗigon da aka samu. Ba mu muka fara wannan ba. Uƙlidis, wanda ya rubuta littafinsa a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ba ɗigoginsa sunan harafi, yana kuma faɗin cibiyar da'ira da nisanta kafin ya ce a zana ta. Mas'alarsa ta farko ma gina alwatika ce mai gefe uku daidai, ita ce kuwa za ta ba mu digiri 60 ɗin da muke nema.

To, ga amsarmu ta biyu. Wanda ke da kamfas a aljihu, ya fitar ya bi mu.

Ki ja layi a kwance a tsakiyar takarda, kamar santimita 12, ki bar fili sama da ƙasa. Ki ɗiga ɗigo kusa da ƙarshensa na hagu, ki kira shi A. Ki buɗe kamfas santimita 8 a kan rula, ki kafa tsini a A, ki yanki layin ta dama. Inda ya yanka, B ke nan.

Kada ki taɓa buɗin. Tsini a A, ki ja dogon baka a saman layi. Ki mai da tsini B, ki ja wani baka ya yanki na farko, shi ma a saman layi. Mahaɗarsu D ce. Ki haɗa A da D da rula. Tun da AB da AD da BD duk santimita 8 ne, alwatikar ABD gefenta uku daidai ne, saboda haka kusurwar A ta zama digiri 60. Ku lura da kalmar "a saman layi". Da'ira biyu in sun ratsa juna a wuri biyu suke haɗuwa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wanda bai faɗi wacce yake nufi ba ya bar ɗalibi a mararraba.

Yanzu ki rage buɗin ya koma santimita 5. Tsini a A, ki yanki layin AD. Wannan ɗigo shi ne C. Ki haɗa C da B. Ki tsaya nan ki auna BC, ki gaya mana abin da kika samu.

Wannan awo shi ne ya zama mana ido. Mu a nan mun riga mun lissafa: 64 a tara da 25, a cire 40, saura 49, watau BC santimita 7 ne cif. Idan ta ce 6.8 ta samu, mun san kusurwarta ta tsaya wajen digiri 58, idan 7.2, ta kai wajen 62. Sau da yawa dalili ɗaya ne: ƙusar kamfas ta yi sako-sako, buɗin ya motsa tsakanin baka na farko da na biyu, ko kuma fensir ya dakushe har layinsa ya yi kauri. Magani shi ne a ɗaure ƙusa, a feƙe fensir, a sake daga D.

Saura da'ira. Cibiyarta dole nisanta da A da B da C ya zama ɗaya. Duk ɗigon da nisansa da A ya yi daidai da nisansa da B, yana kan layin da ya raba AB biyu yana tsaye a kansa. D kuwa ya riga ya cika wannan sharaɗi, ɗigo ɗaya kawai ya rage. Ki buɗe santimita 6. Tsini a A, baka a ƙasan AB; tsini a B, wani baka ya yanke shi. Mahaɗarsu E ce. Ki haɗa D da E. A nan ne bakunan ƙanwarmu suka ƙi haɗuwa da farko, domin ta buɗe santimita 3, alhali rabin AB 4 ne. Buɗin da bai wuce rabin layi ba ba zai taɓa yin aiki ba, shi ya sa muke faɗin lamba, ba ma cewa "ki buɗe da ɗan dama".

Haka za a yi wa AC. Buɗi santimita 4, tsini a A, baka a kowane gefe na layin AC. Tsini a C, ki yanke su duka biyu. Ki kira su F da G, ki haɗa su, ki zarce da layin har ya ratsa DE. Mahaɗar O ce. Tsini a O, ki buɗe har fensir ya taɓa A, ki kewaya. Ya kamata O ya faɗo cikin alwatika, kamar milimita 6 a saman AB, buɗin kuma ya ɗara santimita 4 kaɗan. Kada ki goge bakunan, su ne shaidar aikinki a wurin mai duba jarrabawa.

Da yamma amsarta ta zo: BC 7, OA 4, da'ira ta taɓa duka ukun. Ba mu ga takardarta ba, amma mun san abin da ke kanta.

Sai ta ƙara tambaya: tun da tana da 60, yaya za ta raba shi uku ta sami 20? Muka gaya mata ba ya yiwuwa da kamfas da rula kaɗai. Wani Bafaranshe, Pierre Wantzel, ya tabbatar da haka a 1837. Masu raba BD gida uku su ja layuka zuwa A suna tsammanin sun dace, amma kusurwar tsakiya takan fito kusan digiri 22, na gefe kuwa 19 da 'yan kai.

Muna roƙon duk wanda zai amsa irin wannan tambaya, kafin ya aika, ya karanta wa abokin ɗakinsa amsar, shi kuma ya zana ba tare da ya yi tambaya ba. Inda hannunsa ya tsaya, nan jimlar take da giɓi.

Allah ya ba ƙannenmu sa'a.