Dubu 70 ta yau ko dubu 30 ta 2019, wacce ta fi auki?

Yau lissafi za mu yi, amma kada kowa ya gudu.

A Afrilun 2019 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 30,000, a Yulin 2024 kuma aka mayar da shi 70,000. A ido, ya ninka har da ɗoriya. To amma me yake saye?

Ga yadda nake yi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana fitar da ma'aunin farashin kaya duk wata. A Afrilun 2019 yana wajen 283, a Yulin 2024 ya kai wajen 767. Raba 767 da 283, za ka samu kusan 2.7. Wato cefanen naira ɗaya ya koma na naira 2.7. Sai ka ninka 30,000 sau 2.7, ka ga 81,000 ke nan. Abin da ma'aikaci ke buƙata ke nan a Yulin 2024 don kawai ya tsaya inda yake, shi kuwa 70,000 aka ba shi. Da kuɗin 2019, dubu 26 ce fa a hannunsa a lokacin.

Kuma wannan ma da sauƙi, don abinci ya fi sauran kaya tashi, ƙaramin ma'aikaci kuwa kusan duk albashinsa a tukunya yake ƙarewa.