Jawabin shugaban makaranta ga sababbin ɗalibai a Malanville

Ga abin da shugaban wata makarantar firamare ta gwamnati ya faɗa ranar da aka koma karatu.

Assalamu alaikum. Iyaye, sannunku da zuwa. 'Ya'yana, barka da zuwa. Wasunku daga Karimama suke, wasu sun ƙetaro kogi daga wajen Gaya, wasu daga ƙasar Kabi. Daga yau duk ɗaliban makarantar nan ne ku. Tun 2006 ba a biyan kuɗin shiga firamaren gwamnati a Benin, saboda haka kada a bar yaro a gida don rashin kuɗi.

Na san abin da ke ranku: wane aji za a sa yarona? Azuzuwanmu shida ne: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2, kuma da Faransanci ake karatu. Wanda ya fito daga Nijar ya san wannan tsari. Wanda ya yi karatu a Najeriya kuwa da Ingilishi ya saba. Don haka a makon nan malamai za su zauna da kowane yaro, ya karanta 'yan layuka, ya yi rubutu, ya yi lissafi. Ba jarrabawar kora ba ce, ba wanda zai faɗi.

Ga misali. Yarinya mai shekara 11 ta gama aji huɗu a Kabi. Ta iya tarawa da ninkawa, amma ba ta jin Faransanci. Idan muka kai ta CM1, za ta wuni ba ta gane komai ba, kafin wata biyu ta fara ƙin zuwa. Sai mu sa ta CE1, kusa da wadda ke jin Hausa ko Dendi. Lissafinta na nan, harshe kawai za ta kama. Baba, kada ka ce an mayar da ita baya. Abin lura shi ne littafinta: idan tana kwafe rubutun allo tsaf amma ba ta iya gaya maka ma'anarsa, zo ka same ni da wuri.

Magana ta biyu, takardar haihuwa. Yau mun karɓi kowa, da takarda ko babu. Amma a ƙarshen CM2, a watan Yuni, akwai jarrabawar CEP, kuma ana neman takardar haihuwa wajen rubuta sunan yaro tun watanni kafin lokacin. Samun wata bayan ta ɓace yana ɗaukar lokaci. Duk wanda tasa ta ƙone ko ta salwanta a hanya, ya ba ni sunan yaron a makon nan, mu haɗa shi da ma'aikatan da ke kula da 'yan gudun hijira. Ku duba kuma sunan da muka rubuta ya zama daidai da na katinku, harafi da harafi.

'Ya'yana, gobe ƙarfe 8 kowa na aji, da allonsa da allinsa. Wanda bai samu kaki ba tukuna ya zo da tufafin da yake da su.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a karatun.