"An Amince" Ba Tare da Kowa Ya Amince Ba: Jawabi ga Shugabannin Mazaɓun Pauwa



Zan fara da laifin da nake ciki. Mun taɓa zama mu 15 a kwamitin mazaɓarmu don fitar da ɗan takarar kansila. Kafin kowa ya buɗe baki, shugaba ya ce, "Ni dai a ganina wane ya dace, amma ku me kuka gani?" Dattijo na kusa da shi ya ce haka ne. Aka bi layi, kowa na cewa haka ne, har ni. Minti goma aka shafa Fatiha. Da muka sha ƙasa a zaɓe, na bi 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya. Mutum 9 suka ce mini tun ranar sun san jama'a ba sa yin mutumin. Kowa ya ɗauka shi kaɗai ne mai shakka, ya yi shiru kada a ce an saye shi.

Ba wai mu ne kaɗai matsorata ba. A 1951 wani masani a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa nuna wa mutane zanen layuka yana tambayar wanne ya yi daidai da wani a tsawo, abin da yaro ma zai gane. Sai ya shirya da sauran 'yan ɗakin su ba da amsar ƙarya baki ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin wanda ake gwadawa suka bi ƙaryar. Amma da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya kafinsa, bin yarima a sha kiɗa ya ragu ƙwarai.

Alamar ciwon a fili take: magana mai nauyi ta ƙare da wuri, babu tambaya ko ɗaya, sannan a fita waje a kama ƙus-ƙus. Haka ake yi a zaman dangi kan aure ko sayar da gonar gado. Da zarar Baffa ya furta, shi ke nan.

Maganin ba ya cin ko kwabo. Shugaba ya yi magana a ƙarshe, a fara daga ƙarami. Kafin muhawara a raba takarda kowa ya rubuta zaɓinsa, ba suna. Wanda ba ya boko ya yi da ajami ko ya dangwala. Ƙato bayan ƙato a gaban mai ba ka taki ba zaɓe ba ne. Sannan a ɗora wa mutum ɗaya aikin kawo dalilan da za su iya kayar da mu, a riƙa canza shi kowane zama, kada a laƙaba masa sunan ɗan adawa.

Na san takarda ba ta maganin kwamitin da aka riga aka raba wa kuɗi. Amma a zaman fitar da 'yan takara mai zuwa, ina roƙon sakatare ya zo da takardu da kwali, ya ƙirga a gabanmu kafin shugaba ya ce uffan.