Yadda na mayar wa Baffana rahoton muhalli mai shafi 340 zuwa shafi biyu

 Ga rubutun shirinmu na wannan makon ga waɗanda ba su samu damar saurare ba.

Kwanakin baya Baffana, ƙanin mahaifina, ya zo gidanmu bayan la'asar da wani ƙaton littafi a cikin leda. Shi tsohon malamin firamare ne. Wani kamfani da zai buɗe wurin fasa dutse kusa da garinmu ya ɗauke shi aikin jami'in hulɗa da jama'a, wato shi ne zai riƙa kai maganar kamfani wurin mutanen gari, ya kuma kai kukan mutane wurin kamfani. Ya ajiye littafin a gabana ya ce, “Ɗana, ranar Juma'a akwai taro a ƙofar gidan mai gari. An ce in yi wa mutane bayanin abin da ke cikin nan. Na kwana uku ina karantawa, ban wuce shafi na arba'in ba.”

Littafin nan shi ne rahoton nazarin tasirin aiki ga muhalli, wanda za ku ga an rubuta EIA a bangonsa. A Najeriya doka mai lamba 86 ta shekarar 1992 ce ta wajabta yin sa kafin a fara manyan ayyuka irin wannan. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke duba shi, kuma ana baje shi a bainar jama'a na tsawon kwanakin aiki 21 domin mai ƙorafi ya rubuta. To lokacin da Baffa ya zo, rabin kwanakin sun riga sun tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne matsayin Baffa. Albashinsa a kamfani yake, amma gidansa a cikin gari yake, masallacinsa ɗaya da mutanen da zai tsaya a gabansu. Duk abin da ya faɗa ranar Juma'a, shi za a riƙe da shi, injiniyan da ya rubuta rahoton kuwa ba wanda zai sake ganinsa.

Na ce, “Baffa, ba duka za mu karanta ba.” Irin waɗannan rahotanni kusan tsarinsu ɗaya ne. Surorin farko bayanin kamfani ne da dalilin aikin. Sai sura a kan yadda wurin yake kafin a taɓa shi: iska, ruwa, ƙasa, mutane da sana'o'insu. Daga nan sai surori uku da su ne zuciyar rahoton. Ɗaya tana lissafa illolin da ake tsammani, ɗaya matakan rage su, ɗaya kuma tsarin kula da muhalli, inda ake rubuta abin da za a riƙa aunawa, da wanda zai auna, da lokacin. Matsalar ita ce kowace sura tana zaune ita kaɗai. Maganar ƙura tana shafi na 190, maganinta yana shafi na 240, awonta yana shafi na 275. Ba wanda ya ɗinke maka su.

Saboda haka na ɗauki takarda na ja layi biyu, ta rabu gida uku. A saman gida na farko na rubuta “Me zai faru”, na biyu “Me suka ce za su yi”, na uku “Ta yaya za mu sani”. Kowace illa ta samu layinta, ta bi gidajen nan uku daga hagu zuwa dama. A ƙarshen kowace magana na sa lambar shafin da na ɗauko ta, domin idan wani ya musa, Baffa ya buɗe ya nuna.

Bari mu bi layin ƙura, shi ya fi ɗaukar mana lokaci.

A taƙaitaccen bayanin da ke farkon rahoton an ce illar ƙura “ƙarama” ce. Da na je teburin da ke cikin surar illoli, sai na tarar da maki biyu. Kafin a ɗauki mataki, illar “babba” ce. Bayan an ɗauki mataki, “ƙarama”. Taƙaitawar farko ta ɗauko na biyun kawai. Ku lura da wannan sosai, don kusan kullum haka ake yi. Kalmar “ƙarama” tana rataye ne a kan sharaɗin cewa an cika duk alkawuran. Don haka a gida na farko na rubuta wa Baffa: “Injin niƙa dutse da tifofi za su tayar da ƙura mai yawa, musamman da rani, a unguwar da hanya ta ratsa da kuma makarantar firamare. Rahoton ya ce za ta ragu idan an yi abubuwan da ke gida na biyu.”

A gida na biyu akwai abu uku: tanka za ta riƙa yayyafa ruwa a hanya, za a rufe tifofi da tamfol, kuma direbobi ba za su wuce gudun kilomita 30 a awa ba a cikin gari. Biyun ƙarshe suna da kyau, domin ko yaro zai iya tsayawa bakin hanya ya ga an rufe mota ko ba a rufe ba. Na farkon ne ke da rami. An rubuta cewa za a yayyafa ruwan “a kai a kai”. Sau nawa ne a kai a kai? Sau uku a rana, ko sau ɗaya a mako ranar da baƙi za su zo? Ban cike musu gurbin ba. Na rubuta yadda suka faɗa, na ƙara a gefe: “Ba a faɗi sau nawa ba.” Baffa da kansa ya ƙara wata tambaya da ni ban hango ba. Ya ce, “To ruwan tankar daga ina za su ɗiba? In dai daga rafin da shanu ke sha ne, a watan Maris ai za a yi rigima.” Muka duba, rahoton bai faɗa ba. Muka rubuta ta.

A gida na uku, rahoton ya ce za a auna ƙura duk bayan wata uku. Duk alkawarin awo ina yi masa tambaya biyar: me za a auna, a ina, sau nawa, wa zai auna, wa zai ga sakamakon. A nan wurin awon bakin ƙofar kamfani ne, makarantar ba ta ciki. Sakamakon kuma Ma'aikatar Muhalli za a aika wa, babu inda aka ce mutanen gari za su gani. Kun ga an samu abu biyu da za a iya roƙa a rubuce: a ƙara makaranta cikin wuraren awo, a kuma riƙa ba mai gari kwafin sakamako.

Sai maganar ƙara. Nan ne lambobi ke ruɗa mutum. Rahoton ya yi hasashen cewa ƙarar injin niƙa za ta kai desibel 62 a gidajen da suka fi kusa, ya ce wannan bai kai iyakar 90 ba. Gaskiya ne bai kai ba. Amma 90 ɗin iyaka ce ta ma'aikacin da ke tsaye a wurin aiki na awa takwas. Ga unguwar da mutane ke kwana, ƙa'idar Bankin Duniya ita ce 55 da rana, 45 da dare. Kuma ƙarin desibel goma kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar ne. Ban cika wa Baffa kai da wannan lissafi ba. Na rubuta masa jimla biyu: “Ƙarar za ta wuce ƙa'idar Bankin Duniya ta unguwar zama. A tambaya ko injin zai yi aiki da dare.” Duk lambar da ka gani a rahoto, nemi lambar da aka gwada ta da ita, ka tambaya don wa aka yi wancan ma'aunin.

Layin fasa dutse da nakiya shi ne ya nuna amfanin takardar tamu. Gida na farko: girgiza tana iya tsaga bangon gidaje, musamman na ƙasa. Gida na biyu: za a riƙa fasawa da rana kawai, a busa jiniya kafin a tayar. Gida na uku: babu komai. Ba a ce za a auna girgizar ba, ba a ce za a zagaya a duba gidaje kafin a fara ba. In bangonka ya tsage bayan shekara, da me za ka nuna cewa da can lafiyarsa ƙalau? Wannan gurbin ba za ka taɓa ganinsa ba in kana karanta rahoton sura bayan sura. Sai ka jera su a layi ɗaya yake fitowa fili. Mun bar gidan a buɗe, muka rubuta “Babu alkawari” da jan biro.

Yanzu in faɗa muku kuskuren da na tafka. A layin rijiyoyi, rahoton ya ce idan ramin ya yi zurfi ruwan rijiyoyin da ke kusa yana iya ja baya. Ni kuma a gida na biyu na rubuta, “Kamfani zai haƙa rijiyar burtsatse.” Da daddare ina sake bin lambobin shafi sai na ga ainihin abin da aka rubuta: kamfani zai duba yiwuwar haƙawa idan buƙata ta taso. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Da Baffa ya tsaya gaban mai gari ya ce za a haƙa burtsatse, da ni na sa shi ya yi alkawarin da kamfani bai yi ba, kuma shi za a riƙa tarewa a hanyar masallaci. Na gyara, na bi sauran layukan ina raba “za mu yi” da “za mu duba” da “idan da hali”. A layin nan kuma awon da aka yi alkawari na tsabtar ruwa ne, alhali abin tsoron shi ne ruwan ya ja baya. An yi alkawarin auna abin da ba shi ne matsalar ba.

Mun ƙare da layi tara a shafi biyu, da tambayoyi shida a ƙasa. Na ce wa Baffa idan aka tambaye shi abin da babu a takardar, ya ce rahoton bai faɗa ba, zai kai tambayar. Ranar Juma'a haka ya yi. Bayan taron aka rubuta tambayoyin shida a wasiƙa, mai gari ya sa hannu, aka miƙa kafin kwanaki 21 su cika. Matasa kuma suka zagaya gidajen da ke kusa da dutsen suna ɗaukar hoton bango da waya, da kwanan wata a jiki, suka kuma auna zurfin ruwan rijiyoyi huɗu da igiya suka rubuta a littafi.

Har yanzu muna jiran amsa, in ta zo zan kawo muku a nan. A shiri na gaba za mu duba yadda ake rubuta irin wannan wasiƙa da inda ake kai ta.