Rukunta kwanan wata da lambobi a PivotTable, da sabunta shi bayan rajista ta canza

Laccar da aka gabatar ga ɗaliban kwamfuta da ma'aikatan kula da rajista a Kazaure

PivotTable, wato teburin da Excel ke amfani da shi wajen taƙaita dogon jerin bayanai, ba ya karanta rajista kai tsaye, domin hotonta yake ɗauka ya adana, kuma daga nan yawancin kurakurai ke tasowa. A ɗauka ma'aikacin lafiya ya haɗa rajistar masu zazzaɓin cizon sauro daga Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa ta shekarun 2023 da 2024, kowane layi da kwanan wata da shekarun majiyyaci da ƙaramar hukumarsa.

Idan ya danna maɓallin dama na linzami a kan wata rana cikin teburin ya zaɓi Group, zai ga Months da Years da sauransu. Wanda ya zaɓi Months kaɗai ya zuba Agustan 2023 da Agustan 2024 a layi guda, sai damina ɗaya ta bayyana da nauyin biyu, saboda haka wajibi ne a zaɓi Years tare da shi. Saƙon "Cannot group that selection" kuwa galibi alama ce cewa wata ranar ta shiga a matsayin rubutu, alhali Excel lamba yake ɗaukar kowace rana. Hakan na faruwa a kwamfutar da aka bari a tsarin Amurka, mai gabatar da wata kafin rana: 13/08/2024 sai ta zama rubutu tunda babu wata na 13, ta jingina hagu a gurbinta. Ana gano irinta da wannan:

```
=ISNUMBER(A2)
```

Wadda ta fi haɗari ita ce 05/08/2024, domin tana wucewa lami lafiya a matsayin 8 ga Mayu, majiyyacin damina ya koma na bazara ba tare da wani gargaɗi ba.

Rukunta lambobi ya fi sauƙi: a sa 0 a Starting at da 5 a By, shekaru su kasu 0-4, 5-9, har zuwa sama.

Sabuntawa kuwa tana da tarko biyu. Refresh, ko Alt+F5, yana sake ɗaukar hoton iyakar layukan da aka shata tun farko ne kawai, ta yadda idan an tsaya a layi na 800, majiyyatan Gwiwa da aka ƙara a ƙasa ba za su shiga ba sai an faɗaɗa ta Change Data Source. Mafi dacewa shi ne a mayar da rajistar tebur da Ctrl+T tun kafin a fara, domin iyakarsa tana girma da kanta. Tarko na biyu yana cikin Ending at: idan an rubuta ƙarshen 2024 da hannu, bayanan Janairun 2025 za su taru a rukuni guda mai alamar > a ƙasan teburin. Jimilla za ta yi daidai da rajista, amma watan ba zai fito da sunansa ba sai an koma Group an gyara ranar ƙarshe.