Idan Waya ta Ɓata, Ina Hotunanmu Suke Zuwa?



Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci aka ba wa wannan dama, aka ce mu kawo abu ɗaya da muka koya wanda zai amfani kowa. Sai muka zaɓi maganar hotunan da ke cikin wayoyinmu. Dalili kuwa, wayar 'yar kasuwa ta zama littafinta. A ciki akwai hoton rasit ɗin buhunan masara da waken suya, akwai hoton shafin masu bashi, akwai na littafin adashi, ga kuma hotunan iyayenmu da suka rasu. Ranar kasuwa a Funtua ko Dandume, cikin turereniya, waya ba ta da wuyar salwanta. To idan ta tafi, da hotunan take tafiya? Amsar ita ce, ya danganta da abin da aka yi tun kafin ta ɓata.

Mu fara da wannan abu da yaranmu suke kira kilawud, wato gajimare. Sunan ne kawai, babu abin da ake ajiyewa a sama. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, mallakar kamfanoni irin su Google da Apple, a ƙasashe kamar Amurka da Beljiyam, ana kula da su dare da rana. Mu da muka san harkar hatsi ba za mu sha wahalar ganewa ba. Wayarki kamar rumbun gida take: idan gobara ta tashi, abin da ke ciki ya tafi. Kilawud kuma kamar sito ne da kika kama a wani gari. Bambancin kawai, idan kika kai buhu sito, ya bar gida. Hoto kuwa kwafinsa ake kaiwa, na asali yana nan a wayarki. Wannan kai kwafin shi ne abin da za ki ga an rubuta Backup a fuskar waya.

Yawancinmu Tecno, Itel ko Infinix muke riƙewa, kuma duk da asusun Google suke aiki, wato adireshin nan da ke ƙarewa da gmail.com. Kowane asusu ana ba shi gigabait 15 kyauta. Idan hoto ɗaya ya kai megabait 3, wajen hoto 5,000 ke nan. Amma bidiyo cin wuri gare shi. Bidiyon biki guda ɗaya yana iya cinye wurin ɗaruruwan hotuna. Kuma a cikin gigabait 15 ɗin nan ne saƙonnin imel da ajiyar WhatsApp suke zama. Ranar da siton ya cika, sabon hoto ba zai ƙara shiga ba, sai an rage kaya ko an biya kuɗin ƙarin wuri. Masu iPhone nasu sunansa iCloud, gigabait 5 ne kyauta. Ƙaramar waya mai madannai kuwa ba ta da wannan sito gaba ɗaya.

Inda mutane da yawa suke ruɗuwa shi ne, mallakar sito daban, kai kaya cikinsa daban. Abu uku ke hana hoto isa can.

Na farko, ba a kunna ajiyar ba. Ki buɗe Google Photos, ki taɓa ɗan da'irar nan mai hotonki ko harafin farko na sunanki a sama ta hannun dama. Idan kika ga Backup complete, hotunan sun isa. Idan kika ga Backup is off, babu ko ɗaya da ya tafi.

Na biyu, maganar data. Wayar tana zuwa ne a saite ta jira Wi-Fi kafin ta tura hoto, mu kuwa nan da data muke aiki, wata ma wayarta ba ta taɓa haɗuwa da Wi-Fi ba. Sai hotuna su yi ta layi suna jiran motar da ba za ta zo ba. Sai an shiga saitin Backup an ba ta izini ta yi amfani da data, ana ma iya yanke mata iyakar abin da za ta ci a rana. Haka nan idan babu sabis, babu tafiya. Duk mun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Funtua, Bakori da Malumfashi saboda matsalar tsaro. Duk hoton da aka ɗauka a watannin nan a cikin waya kaɗai ya zauna, sai da sabis ya dawo.

Na uku, wayar hotunan da kika ɗauka da kyamararki take turawa. Waɗanda aka turo miki ta WhatsApp suna wata jaka daban, kuma sai kin zaɓe ta a wurin da aka rubuta Back up device folders. Ga mu 'yan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shaidar turo kuɗi galibi ta WhatsApp take zuwa.

Yanzu mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. A ce wata 'yar uwarmu mai sayar da hatsi ta taso daga Malumfashi, a tashar mota aka zare mata waya ranar Laraba da yamma. Tana da hoto 1,200. Ajiyarta a kunne take, amma datarta ta ƙare tun ranar Litinin. Me ya tsira? Duk hoton da ta ɗauka har zuwa Litinin yana can a sito, ɓarawo bai tafi da shi ba. Hotuna 20 da ta ɗauka Talata da Laraba, har da rasit ɗin buhu goma da ta saya, sun bi waya. Idan akwai hotunan da suke kan memori kaɗai, su ma sun tafi, kuma ko wayar a kulle take, ana iya zare memori a sa a wata waya a kalli abin da ke ciki. Mu mata mu lura da wannan: hoton cikin gida, wanda ba ki so idon bare ya gani, ba memori ne wurin ajiye shi ba.

To me za ta yi? Kafin komai ta kira kamfanin layinta su toshe layin, ta kuma sanar da bankinta, don layin nan shi ke karɓar lambobin sirri na banki. Sannan ta je ofishinsu da lambar NIN ɗinta a dawo mata da lambarta a sabon sim. Daga nan ta ari wayar wanda ta amince da shi, ta shiga photos.google.com, ta rubuta adireshinta da kalmar sirrinta. Hotunanta za su bayyana a jere, kowanne da ranar da aka ɗauke shi. Idan ta fid da rai da wayar, ta shiga android.com/find ta ba da umarnin goge duk abin da ke cikinta. Gogewar tana aiki ne idan wayar ta kunnu ta hau intanet, kuma ba ta taɓa kwafin da ke sito. Ta canza kalmar sirri, kuma ta tabbata ta fita daga asusunta kafin ta mayar da wayar aro.

Kun ji mun ce adireshi da kalmar sirri. A nan ne galibi ake yin asara, ba a tashar mota ba. Da yawa daga cikinmu, ranar da muka sayi waya, yaron shago ne ya buɗe mana asusu cikin minti biyar, bai faɗa mana ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ka ga kaya na sito, makulli na hannun wanda shi kansa ya manta. Google ba shi da wani kanti a Funtua da za ki je ki ce ga ni, ku dube ni. Abin da zai yi shi ne ya tura lamba zuwa layin da aka rubuta lokacin buɗe asusun. Idan layinki ne, kuma kin dawo da shi, kin tsira. Idan na yaron shago ne, sai dai ki bi shi. Shi ya sa muke cewa, kowace mace ta rubuta adireshinta da kalmar sirrinta a takarda, ta adana inda take adana takardun gida, ba a bayan waya ba. Ta kuma sa a duba mata cewa lambarta ce a kan asusun.

WhatsApp kuma tasa ajiyar daban ce. Ana shiga Settings, sai Chats, sai Chat backup. A nan za ki ga ranar da ya yi ajiyar ƙarshe. Abin da ya zo bayan ranar nan ba ya dawowa. Bidiyo ba ya shiga sai kin kunna Include videos. A sabuwar waya, sai da lambarki ta da da asusun Google ɗinki na da, kuma a lokacin da ake saka WhatsApp ɗin ne zai nuna Restore. Kada a bar yaro ya tsallake wurin nan don gaggawa.

Sai gargaɗi biyu. Idan waya ta ce ta cika, kada ki shiga Google Photos ki kama goge hotuna, domin gogewa a can tana ɗauke hoton daga waya da sito gaba ɗaya. Yakan zauna a kwandon shara na wasu makonni, ana iya dawo da shi, bayan nan shi ke nan. Abin da ya dace ki taɓa shi ne Free up space, wanda yake cire na waya ya bar na sito. Na biyu, Google ya sanar cewa daga Disamban 2023 yana iya rufe asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Wadda ta rasa waya ta koma ƙarama, ta riƙa leƙa asusunta lokaci-lokaci. Haka ma iyalan wanda ya rasu ya bar hotuna.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce, a taron wata mai zuwa kowa ta zo da wayarta a cike da caji. Mu 'yan aji za mu zauna da ku ɗaya bayan ɗaya, mu duba abu uku: an kunna ajiya, kin san adireshinki, lambarki ce a kai. Kalmar sirri kuwa ke za ki rubuta da hannunki, ba ma son mu gani. Littafin adashi da na bashi kuma kada a daina rubuta su a takarda. Hoto mataimaki ne, kuma a tura kwafinsa ga Ma'aji da Sakatariya duk ƙarshen wata.

Hajiya Shugaba, iyakar abin da muka zo da shi ke nan. Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya mai da kowa gida lafiya.